Kafin a Je Gidan Gwaggo: Yadda Yaro Ke Koyon Gaida Manya

Akwai tambayar da kusan kowane yaro a ƙasar Hausa ya taɓa sha a gaban baƙi: "Kai, ba ka iya gaisuwa ba ne?" Yawanci uwa ce ke yin ta cikin jin nauyi, ga Hajiya zaune tana jira, ga yaro ya maƙale a bayan zane ya sa yatsa a baki. Uwar ta san abin da take tsoro. A wurinmu, idan yaro ya wuce babba bai gaishe shi ba, ba a cika tsayawa kan yaron ba, sai a tambaya ɗan gidan wa ne. Sai dai wannan lokaci da ake matsa masa a gaban mutane shi ne mafi rashin dacewa da koyarwa. Gaisuwar da yaro zai yi a gidan mutane, a cikin gidansu ake gina ta, da safe, lokacin da babu baƙon ido kuma babu wanda ke jin kunya.

Mu manya mun saba da gaisuwa har mun manta yawan abin da ke cikinta. A dubi abin da ake nema daga yaro ɗan shekara huɗu idan ya shiga ɗakin kakarsa. Zai yi sallama daga bakin ƙofa, ya jira a amsa. Zai cire takalmi. Zai matso kusa, don ba a gaida babba daga nesa ko ana tafiya. Zai rage tsawo, mace ta durƙusa, namiji ya rusuna ko ya tsuguna. Zai kira mutumin da sunan da ya dace da matsayinsa, ya zaɓi gaisuwar da ta dace da lokacin, sannan ya tsaya ya amsa tambayoyin da za su biyo baya, "Ka tashi lafiya? Ina babanka? Yaya makaranta?" Duk wannan a cikin ɗan taƙin lokaci, da murya da jiki a tare. Wanda ya ɗora wa ƙaramin yaro wannan kaya gaba ɗaya a rana ɗaya, shiru zai samu. Ɗaya bayan ɗaya ake ba shi, kuma jiki ne ke riga baki koya.

Jariri kan fara ƙiwa tun yana wata shida zuwa tara, abin ya yi ƙarfi bayan ya cika shekara, sannan ya riƙa sauƙi wajen shekara biyu zuwa uku. Ƙiwa alama ce ta cewa ya fara bambanta fuskar da ya sani da wadda bai sani ba, don haka babu laifin tarbiyya a cikinta. A wannan mataki uwa ce bakinsa. Tana riƙe da shi za ta ce, "Baba, ga shi yana gaishe ka," ta kama hannunsa na dama ta miƙa. Yana ji, yana gani, kuma hannun dama yana zama masa jiki tun kafin ya san sunansa. Daga shekara biyu ya kan iya haɗa kalmomi biyu, kuma "ina kwana" kalmomi biyu ne. Ko ya ce "ina kana", a amsa masa da cikakkiyar amsa, kada a yi ta maimaita kuskuren ana dariya, domin wasu yaran dariyar nan ce ke rufe musu baki. Wajen shekara uku zuwa huɗu ake ƙara sunan wanda ake gaisarwa da durƙuso. Sai ya kai biyar ko shida ake sa ran ya yi gaisuwa da kansa ba tare da an tuna masa ba, har ya iya bin jerin tambaya da amsa. Waɗannan shekaru kimantawa ce kawai, wani yaron kan riga, wani kan makara.

Gaisuwar safe ita ce makarantar. Dalili kuwa shi ne tana dawowa kullum, a lokaci guda, da mutanen da yaro ba ya tsoro. Bayan an tashe shi an wanke masa fuska da baki, kafin koko ko shayi, sai a kai shi wurin mahaifinsa. A makonnin farko uwa ta tafi tare da shi, ta rusuna ta gaida maigida da bakinta, yaron yana kallo, sannan ta ce, "To, gaida Abba." In ya faɗa, madalla. In bai faɗa ba, ta faɗa a madadinsa su wuce, gobe ma rana ce. Daga nan a bi mutanen gida bisa girma. A gidan da kaka take, da ita ake farawa. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, ɗakin abokiyar zama yana cikin zagayen, kuma ina ganin nan ne ake gane uwar da ke koyar da gaisuwa da gaske. Yaron da aka bari yana tsallake ƙofar matar babansa ya koyi cewa gaisuwa ta wanda ake shiri da shi ce kawai, kuma wannan karatu zai fita da shi waje.

Wani abu da ke rikita yara shi ne lokaci. Yaro ya riƙe "ina kwana" sai ya yi ta faɗinta har magariba. Agogo ba zai taimake shi ba, amma kiran salla zai taimaka. A ce masa, daga tashi barci har a kira azahar "ina kwana" ake cewa, in an yi azahar an koma "ina wuni". Bayan waɗannan biyu, gaisuwar da ta fi saurin shiga bakin yaro ita ce "sannu da zuwa", saboda tana tafe da murnar dawowar uba daga kasuwa ko ofis. A koya masa ya tare shi, ya faɗe ta, ya karɓi ledar da ke hannunsa, kafin ya tambayi tsaraba. "Sannu da aiki" ga wanda ke girki ko wanki tana iya biyo baya. Waɗannan huɗu tare da sallama sun ishi yaron da bai shiga firamare ba. Gaisuwar mara lafiya da ta ta'aziyya suna iya jira har ya ƙara wayo.

Sunaye kuma sai an koya su da gangan, domin yaro abin da ya ji ana kiran mutum da shi yake kamawa. Idan uwa tana kiran ƙanwar mijinta da sunan yanka, haka yaron zai kira ta a gaban jama'a. Saboda haka a gabansa sai a riƙa kiran mutane da sunan da ake so ya kira su: 'yar'uwar uba Gwaggo, ɗan'uwan uba Baffa ko Baba, ɗan'uwan uwa Kawu, 'yar'uwar uwa Inna ko yadda gidan ya saba, wanda ya girme shi a 'yan'uwa Yaya. Gidaje sun bambanta a kan wannan, abin da ake bi shi ne al'adar dangin. Ga baƙon da ba a sani ba, Baba ko Mama ko Malam sun wadatar. Idan bakinsa ya ƙara nuna, sai a nuna masa cewa ba a ce wa babba "ka tashi lafiya?" kamar sa'a, ana cewa "an tashi lafiya?" ko "kun tashi lafiya?"

Rabin aikin yana wuyan manya, kuma a nan muka fi sakaci. Yaro ya zo ya durƙusa ya ce "Abba ina kwana", uba yana duba waya ya ce "uhm" bai ɗago ba. In aka yi haka sau da yawa, yaron zai gane cewa abin nan ba shi da wani daraja. Amsa ita ce ladan gaisuwa a wurin yaro: a ajiye abin da ke hannu, a kalle shi, a ce "Lafiya lau, ka tashi lafiya? Allah ya yi maka albarka." Kakanni sun fi kowa iya wannan. Wasan jika da kaka, inda tsohuwa ke tarbar jikanta namiji da "ga maigidana ya iso" ko ta kira jikanya kishiyarta, yana sa yaro ya riƙa ɗokin zuwa gaisuwa. Addini ya tsara cewa ƙarami ne ke fara yi wa babba sallama, mai wucewa ya yi wa na zaune, kamar yadda ya zo a hadisin da Bukhari ya ruwaito. Amma Bukhari da Muslim sun kuma ruwaito daga Anas bin Malik cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kan yi wa yara sallama idan ya wuce su. Babban da ya shigo gida ya yi wa yaransa sallama bai zubar da girmansa ba, kuma da bakinsa suke jin yadda ake yin ta.

Game da durƙuso, gidaje ba su zama ɗaya ba. Akwai malaman da ke hana sunkuyawa irin ta ruku'u ga ɗan Adam, saboda haka wasu iyayen sun fi son yaro ya zauna ko ya tsuguna kusa da babba ya gaishe shi, wasu kuma suna nan kan durƙuson da suka gada. Abin da ya shafi yaro shi ne uwa da uba su daidaita a kan abu guda, kada wannan ya ce durƙusa wancan ya ce tashi. Sannan a sanar da shi cewa akwai gidan da za a je inda tsofaffi ke sa ran ganin gwiwa a ƙasa. Haka batun hannu: yaro ba ya fara miƙa wa babba hannu, sai in babban ya miƙo, sai ya karɓa da dama, ya tallafa da hagu. Kuma kada a tilasta masa ya zuba wa babba ido. A tarbiyyarmu sunkuyar da kai ladabi ne, abin da ake so kawai shi ne ya fuskanci mutumin kuma muryarsa ta fita.

To, ga matsalar da iyaye suka fi kuka da ita. A ɗauki yarinya 'yar shekara huɗu wadda ke gaida kowa a gida ba tare da an ce mata ba, amma duk ranar da aka je gidan gwaggonta sai ta zama kurma. Abu na farko shi ne a lura da abin da take tararwa a can. Ɗaki ne cike da mata, ana hira da ƙarfi, suna shiga kowa ya juyo, wata ta ce "a'a, ga 'yar gidan wane ta girma", wata ta miƙo hannu za ta ɗauke ta. Yarinyar ta iya gaisuwa, idanu ne suka yi mata yawa. Tsawa a nan tana ƙara mata abin tsoro na biyu a kan na farko.

Gyaran yana farawa tun daga gida. Da daren jajibirin ziyara ko da safe, uwa ta gaya mata inda za a je da waɗanda za a tarar: Gwaggo, da Baba mijinta, wataƙila da baƙi. Sai su yi wasan baƙunta. Uwa ta zauna a kan tabarma ta zama Gwaggo, yarinya ta fita ta yi sallama, ta cire takalmi, ta zo ta durƙusa ta ce "Gwaggo ina wuni". Daga nan su yi musanya, yarinya ta zama Gwaggo tana amsawa, abin da yara ke matuƙar so. Sau biyu ko uku ya isa, in aka wuce haka ya zama horo. Idan akwai waya, a kira Gwaggon a ba yarinyar ta gaishe ta, domin gaisuwa ta waya ba ta da idanu, kuma muryar za ta zama sananniya kafin a isa.

A bakin ƙofar gidan, uwa ta tuna mata a hankali, a kunne, da jimlar da za ta faɗa. Ba a cewa "ki yi gaisuwa fa", ana ba ta kalmomin: "In mun shiga ki ce, Gwaggo ina wuni." Uwa ta yi sallama, ta fara gaisawa, ta durƙusa yarinyar na gefenta. Sannan ta ɗan taɓa kafaɗarta ta yi shiru kaɗan. Wannan ɗan shirun yana da muhimmanci, domin iyaye da yawa ba sa ba yaro ko numfashi biyu kafin su ce "ba ki ji ba ne?" A ziyarar farko mutum ɗaya ake nema ta gaisar, mai gidan, ba duk ɗakin ba. In ta faɗa ko da can ƙasa-ƙasa ne, an samu. In ta durƙusa bakin bai buɗe ba, an samu rabi, sai uwa ta ce "tana gaishe ku" a ci gaba da hira. Sau da yawa bayan ta zauna ta sha ruwa, idanu sun bar kanta, za a iya raɗa mata ta je ta gaida Gwaggo a kicin inda babu kowa, kuma ta yi. Sallamar tafiya ma dama ce, "sai an jima" ta fi sauƙin fita daga bakin da ya riga ya sake.

Akwai kalmar da nake roƙon iyaye su kiyaye a irin wannan wuri, wato su ce a gabanta "ai haka take, ba ta gaida mutane" ko "kunya gare ta kamar me". Uwa tana faɗa ne don ta wanke kanta, amma yarinya ta ji an ba ta suna, kuma za ta zauna a cikinsa. Haka nan kwatanta ta da 'yar Gwaggo da ta iya gaisuwa. Maganar gyara a bar ta sai a hanyar komawa gida, kuma a fara da abin da ta yi daidai: "Na ga kin cire takalmi kin durƙusa. Ranar Juma'a in mun koma sai ki ƙara da ina wuni." A ziyara ta gaba a ƙara mutum na biyu. Idan ana zuwa a kai a kai, yawancin yara kan sake a cikin 'yan makonni ko watanni. Wanda ba a fita da shi sai daga salla zuwa salla zai fi daɗewa, don haka gidan maƙwabta na kusa ya fi gidan dangi na nesa amfani wajen gwaji.

Ba kowane shiru ne kunya ba. Akwai yaron da ya iya, ba ya jin tsoron kowa, yana tsalle a ɗakin mutane, amma ya ƙi gaisuwa don ya ga iyakar uwarsa. Ana gane shi da cewa yana kallon ido yana murmushi ko ya zumɓura baki, alhali mai jin kunya ɓoye fuska yake yi, jikinsa ya ƙage. Shi wannan ba ya bukatar lallashi mai tsawo, kuma duka ba ya ƙara masa komai sai taurin kai. A riƙe shi a gefe, a gaya masa cikin sanyin murya cewa ba zai tafi wasa da sauran yara ba sai ya gaida masu gida, sannan a cika maganar. Yunwa da barci ma suna hana gaisuwa, yaron da aka taso daga barci a mota aka shigar da shi taron biki ba a yi masa hukunci da abin da ya yi a minti na farko.

Wani shirun kuma na asibiti ne. Idan yaro ya kai shekara ɗaya da rabi babu kalma ko ɗaya a bakinsa, ko ya kai biyu ba ya haɗa kalmomi biyu, ko ana kiran sunansa daga baya ba ya waiwayowa, a kai shi a duba jinsa da lafiyarsa, musamman in ya taɓa yin ciwon kunne mai zubar da ruwa, ko ƙyanda, ko sanƙarau, domin dukansu suna iya taɓa ji. Akwai kuma yaron da ke surutu sosai a gida amma ko kalma ba ta fita a makaranta ko gaban baƙi, wata da watanni, har ya kasa cewa yana jin fitsari. Wannan tsoro ne mai tsanani da ke ɗaure harshe, likitocin yara sun san shi, kuma matsi yana ƙara shi.

Dole kuma a raba wa yaro gaisuwa da miƙa wuya. Muna koya masa girmama duk wanda ya girme shi, to sai mu haɗa masa da iyaka, domin masu cutar da yara sukan fake da wannan ladabin, kuma galibi ba baƙi ba ne. Gaisuwa baki ce da rusunawa. Ba ta wajabta masa hawa cinyar kowa ba, ko bin wani zuwa ɗaki ko shago, ko karɓar abu a ɓoye. In yarinya ta gaida baƙo amma ta ƙi yarda ya ɗauke ta, ta cika ladabinta, kada a ce mata "je ki mana, ai babanki ne". A gaya wa yara a sarari cewa ko wa ya kira su, sai sun zo sun faɗa a gida tukuna.

Sallama ma a cikin gida ake fara ta. Aya ta 58 a Suratun Nur ta umarci a koya wa yaran da ba su balaga ba neman izini kafin su shiga wa manya a lokuta uku: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe kaya don hutawa, da bayan sallar isha. Yaron da ya saba tsayawa a ƙofar ɗakin iyayensa ya yi sallama ya jira, ba zai faɗa ɗakin mutane kai tsaye ba. A koya masa ya tsaya daga gefen ƙofa, kada ya leƙa ta labule, in ya yi sallama sau uku ba a amsa ba ya koma.

Saura batun kuɗi. Yawon salla babbar dama ce, yara sun yi ado, suna tafe a ƙungiya, ƙanana suna kwaikwayon manyansu, gida bayan gida suna "barka da salla". Goron salla al'ada ce mai daɗi, ban ga dalilin hana ta ba. Inda ake kuskure shi ne a mayar da kowace gaisuwa ciniki, "gaida Kawu ya ba ka alawa". Yaron da aka saba wa haka yana gaisuwa yana kallon aljihu, ranar da ba a ba shi ba kuma ya daina. In baƙo ya yi masa kyauta don ransa, a koya masa ya karɓa da hannu biyu ko da dama, ya ce "na gode", ya kawo wa uwarsa ta gani, ita ma ta yi godiya. Kafin a fita yawon salla kuma a gaya wa babban cikinsu gidajen da za su shiga, har da na tsofaffin unguwa waɗanda aka san ba su da abin bayarwa.